Alherin da Ba a Bin Kowa Bashinsa

A ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Mutanen da suka tsere, galibinsu Kiristoci, sun kwararo zuwa Nghar Yelwa, inda wani limami mai shekara 83, Malam Abubakar Abdullahi, ya buɗe musu ƙofa. Ya shigar da mata da yara cikin gidansa, ya kai maza masallaci, mutum 262 gaba ɗaya. Da maharan suka iso suna neman a fito da mutanen, dattijon ya tare su ba shi da ko sanda a hannu, ya ƙi ba su hanya, ya yi ta roƙonsu, har ya ce in dai sai an kashe wani to a kashe shi a bar su. Maharan suka juya, mutanen suka tsira. A shekarar 2019 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba shi lambar yabo kan wannan aiki.

Babu mai hankalin da zai ji labarin nan ya ce limamin bai kyauta ba. Amma a ɗauka a wannan rana akwai wani magidanci a unguwar da ya ji ƙarar bindiga, ya tattara 'ya'yansa ya kulle ɗaki, bai fito ya miƙa wuyansa a madadin kowa ba. Shin ya yi laifi? Yawancinmu za mu ce a'a, kuma za mu faɗi haka ba tare da mun rage wa limamin komai daga girmansa ba. Wato muna riƙe da hukunci biyu a lokaci guda: abin da limamin ya yi shi ne mafi kyau, kuma wanda bai yi irinsa ba ba abin zargi ba ne. Masu nazarin falsafar ɗabi'a suna kiran irin wannan aiki wanda ya zarce wajibi, kuma sun daɗe suna kokawa da tambayar da take fitowa daga cikinsa: in dai aikin shi ne mafi kyau, me ya hana ya zama dole a kan duk wanda zai iya?

Wanda ya sake tayar da maganar a falsafar Turai ta zamani shi ne J. O. Urmson, wani malamin Oxford, a wata maƙala da ya fitar a 1958 a kan waliyyai da jarumai. Ya lura cewa manyan mazhabobin falsafar ɗabi'a da ake karantarwa suna raba ayyuka gida uku ne kawai: wanda ya wajaba, wanda aka hana, da wanda yin sa da barin sa duk ɗaya ne. Sai ya kawo misalin sojoji suna atisayen jifa da gurneti, ɗaya ya suɓuce ya faɗi a tsakaninsu, wani soja ya kifa a kansa ya mutu don ya tsirar da sauran. A wane gida za a sa wannan aiki? Ba haramun ba ne. Ba za a ce wajibi ba ne, domin da haka ne sai a ce sauran sojojin da ba su kifa ba sun saɓa wa aikinsu, kuma da kwamandansu na da ikon ya umarci ɗayansu ya yi. Ba kuma zai yiwu a jera shi da zaɓen kalar riga a ce duk ɗaya ne ba. Urmson ya ce tsarin gida uku ya gaza, akwai buƙatar na huɗu.

Ga wanda ya yi karatun zaure, wannan ba sabon labari ba ne. Malaman usulul fiƙihu tun ƙarnoni da dama suka raba hukunci gida biyar: wajibi, mustahabbi, halal da ba lada ba zunubi, makaruhi, da haramun. Ma'anar mustahabbi kuwa ita ce abin da Urmson yake nema: wanda ya yi yana da lada, wanda ya bari ba shi da zunubi. Zakka tana da ƙa'ida, kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin da ya kai nisabi ya kuma shekara, kuma hukuma na iya karɓar ta ko mai dukiya bai so ba. Sadaka ba ta da iyaka ta sama, kuma babu mai zuwa karɓar ta da ƙarfi. A shirin yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Sayyidina Umar ya kawo rabin dukiyarsa, Sayyidina Abubakar ya kawo tasa duka, wasu suka kawo abin da bai kai haka ba, kuma ba a mayar da abin da Abubakar ya yi ya zama farilla a kan sauran sahabbai ba. Kiristoci ma suna da tasu muhawarar mai tsawo. Cocin Katolika ta bambanta umarni da shawara, irin su zaɓen zaman talauci don ibada, yayin da masu gyaran coci na ƙarni na 16 suka yi watsi da ra'ayin, suna ganin ba ɗan Adam da zai iya yi wa Allah fiye da abin da ake bin sa. Sai dai raba ayyuka gida-gida bai amsa tambayar ba tukuna. Ya nuna cewa akwai iyaka, bai faɗi abin da ya sa take inda take ba.

A ganina amsar tana cikin mene ne wajibi tun farko. Wajibi ba sunan duk wani aiki mai kyau ba ne. Shi ne abin da wani yake da haƙƙin nema daga gare ka, ya tuhume ka in ka hana. John Stuart Mill ya kwatanta shi da bashi, abin da ake iya karɓa daga mutum ko yana so ko ba ya so, kuma kwatancin ya dace. Wanda ya biya bashin da ake bin sa ba a yi masa kirari, an dai sallame shi. Wanda ya yafe bashin da yake bi kuwa ya ba da abin da yake nasa ne, wanda da ya riƙe ba mai ce masa don me. To akwai abubuwan da suke na mutum ne ta yadda sauran jama'a ba su da ikon ƙwace su ko da a hannunsu za su fi amfani: ransa, gaɓoɓin jikinsa, guzurin tsufansa, shekarun da yake so ya yi da iyalinsa. Idan taimakon wani zai ci ɗaya daga cikin waɗannan, buƙatar wancan mutum tana nan da nauyinta, ta isa ta sa aikin ya zama abin yabo, amma ba ta isa ta ba shi ikon tilasta maka ba. Daga nan alamomin aikin da ya zarce wajibi suke fitowa: yana da amfani na gaske ga wani, mai yin sa ya zaɓa ne da kansa don wannan amfanin, kuma abin da ya kashe a kai nasa ne da ba a bin sa.

Idan aka bi abin da ya faru a Nghar Yelwa mataki-mataki, za a ga ba dukansa ne ya zarce wajibi ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mataki na farko shi ne kada ka taimaki mai kisa: kada ka nuna masa inda mutane suka ɓoye, kada ka tura wanda ya fake da kai waje don ka sayi lafiyarka. Wannan wajibi ne mai tsauri, kuma tsoro ba ya goge shi gaba ɗaya, domin a nan hannunka ne zai shiga cikin jinin. Mataki na biyu shi ne taimakon da ba zai ci maka wani abu mai yawa ba: ka kwarmata wa masu gudu hanyar da ba kowa, ka kira jami'an tsaro, ka ba wanda ya ji rauni ruwa bayan ƙura ta lafa. Wannan ma wajibi ne. Malaman mazhabar Malikiyya sun ɗora wa wanda ya iya ceton rai ya ƙi alhakin abin da ya biyo baya, kuma dokar laifuffuka ta Faransa tana hukunta wanda ya ƙi taimakon mutumin da yake cikin haɗari, da sharaɗin cewa taimakon ba zai jefa shi ko wani cikin haɗari ba. Wannan sharaɗi shi ne iyakar. Mataki na uku, buɗe gida da masallaci ga ɗaruruwan mutane alhali an san masu bindiga na biye da su, ya riga ya tsallake ta, domin limamin ya jawo wutar zuwa ƙofarsa. Na huɗu, tsayawa gaban bindiga da tayin ransa, shi ne ƙololuwa. Makwabcin da ya kulle ɗaki ba a zarginsa ne muddin bai faɗi a mataki na farko da na biyu ba. In ya leƙo ta taga ya nuna masallacin da yatsa, maganar ta sauya.

Wajibi ne kuma a raba abin da kotu za ta tilasta da abin da lamiri zai zarga, domin ba layi ɗaya ba ne. A 1978, a jihar Pennsylvania ta Amurka, wani mutum mai suna Robert McFall ya kamu da cutar da ta hana ɓargonsa samar da jini. Gwaji ya nuna cewa ɓargon ɗan uwansa David Shimp ne ya dace da nasa, shi kuwa Shimp ya ƙi bayarwa. McFall ya kai ƙara yana neman a tilasta masa. Alƙali John Flaherty ya ƙi, bisa hujjar cewa al'ummar da take mutunta ɗan Adam ba za ta huda jikin wani da ƙarfi don amfanin wani ba, amma a cikin hukuncin nasa ya bayyana cewa a ɗabi'ance ƙin da Shimp ya yi ba shi da abin kare shi. Makonni kaɗan bayan haka McFall ya rasu. Abin lura shi ne alƙalin bai ce ba da ɓargo ya zarce wajibi ba. Ɓargo yana sake tofowa, haɗarin ciro shi kaɗan ne, mai nema kuma ɗan uwa ne da zai mutu in an hana shi, don haka mutum na iya cewa Shimp ya gaza a haƙƙin zumunci ko da doka ba ta kama shi ba. Ba da ƙoda ga baƙon da ba ka taɓa gani ba daban ne: tiyata ce babba, ƙodar ba ta dawowa, kuma babu wata alaƙa da ta ɗaure ka da shi. Nauyin asara da kusancin alaƙa su ne suke matsar da iyakar gaba ko baya.

Suka ta farko da ake yi wa wannan ra'ayi tana fitowa ne daga bakin jaruman da kansu. Kusan duk wanda ya yi irin wannan aiki, in aka tambaye shi, cewa yake bai yi komai ba face abin da ya zama dole. Shi ma limamin Nghar Yelwa ya danganta abin da ya yi da addininsa da kuma tsohon zaman amana, yana tuna cewa Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin masallacin shekaru da dama da suka wuce. To su waye mu da za mu ce masa ba wajibi ba ne? Ban ga dalilin ƙaryata shi ba, kuma ba na ɗaukar maganarsa a matsayin tawali'u kawai. Mutum na iya ɗora wa kansa wani mizani har ya kai ga cewa in ya saɓa masa ba zai iya kallon kansa ba, kuma wannan dole ɗin gaskiya ne a wurinsa. Amma a gwada shi da tambaya ɗaya: shin zai kama makwabcinsa da laifi don bai fito ya tsaya gaban bindiga ba? Shin mutanen da ya ɓoye suna da ikon su ce masa tilas ka mutu a madadinmu? Dolen da mutum yake ji a ransa amma ba ya iya ɗora wa wani, kuma wani ba ya iya nema daga gare shi, ba irin wajibin da ake magana a kai ba ne. Urmson ma haka ya warware ta.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. A 1972 Peter Singer, yana rubutu a kan miliyoyin 'yan gudun hijirar Bengal ta Gabas da suke fama da yunwa, ya kawo misalin mutumin da ya ga yaro yana nitsewa a kududdufi marar zurfi. Kowa ya yarda dole ya shiga ya ciro shi ko da tufafinsa za su lalace. Singer ya ce to kuɗin da kake kashewa a kan abin da ba ka buƙata zai iya ceton yaron da yake nesa, kuma nisa ba hujja ba ce, saboda haka yawancin abin da muke kira kyauta wajibi ne da muka sauya wa suna don mu ji daɗin kanmu. Dole a ba shi gaskiyarsa a babban ɓangare. Mai hali da yake kwana da rumbu cike alhali makwabcinsa na kwana da yunwa ba nafila ya bari ba, kuma fiƙihu ma ya san farali kifaya, wato aikin da in ba wanda ya yi, duk masu iko sun yi laifi. Iyakar wajibi ta fi yadda son ranmu yake zana ta faɗi.

Inda na rabu da shi shi ne inda hujjar take kaiwa in aka bi ta har ƙarshe. Yaron kududdufi ɗaya ne, ka ciro shi ka wuce. Masu buƙata a duniya kuwa ba sa ƙarewa, don haka ƙa'idar da ta ce ka ci gaba da bayarwa muddin wani ya fi ka buƙata ba za ta sake ka ba sai ka koma daidai da wanda kake taimako. A ƙarƙashinta ba ka da dukiya ko lokaci da za ka kira naka, kai ma'aji ne kawai na duk wanda ya fi ka wahala. Wannan yana da illa biyu. Ta farko, dokar da kusan kowa yake karya ta kullum tana rasa kwarjininta: in wanda bai sayar da gidansa ya ciyar da mayunwata ba mai laifi ne kamar wanda ya ci dukiyar maraya, to kalmar laifi ta daina tsoratar da kowa, kuma mai cin dukiyar marayan ne ya ci riba. Ta biyu, kyauta da godiya suna mutuwa tare. Mutanen da suka fito daga masallacin nan da ransu sun san an ba su abin da ba su da ikon nema, shi ya sa abin ya ratsa su. Da haƙƙinsu ne kawai aka biya, da sai dai su ce limamin ya sauke nauyi. Duniyar da duk alheri a cikinta tilas ne ta rasa wani abu mai daraja, wato damar da mutum yake da ita ya ba da nasa don ya ga dama.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen, wadda masu son labarin jarumta ba su cika kula da ita ba. Aiki ba ya zarce wajibi in an taka wani wajibi kafin a kai gare shi. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, yana kwance ba lafiya a Makka, ya nemi izinin Annabi (SAW) ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi, ya nemi rabi, aka hana, aka tsayar da shi a sulusi, bisa dalilin cewa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙo. Ka'abu ɗan Malik, bayan an karɓi tubarsa kan rashin fita Tabuka, ya so ya sadaukar da dukiyarsa duka, aka shawarce shi ya riƙe wani abu. An karɓa daga Abubakar, an hana waɗannan, kuma malamai sun bayyana bambancin da ƙarfin haƙurin mai bayarwa da halin waɗanda suke ƙarƙashinsa. Magidancin da ya ɗauki kuɗin cefane da na makarantar yara ya raba a ƙofar masallaci don a ce yana da hannu, ba nasa ya bayar ba, na matarsa da 'ya'yansa ne. Wanda kuma ya faɗa rijiya don ceton wani alhali bai san yadda zai fito ba, sau da yawa gawa biyu ake cirowa. Niyya mai kyau ba ta wadatar ba, sai an duba ko abin da aka sadaukar na mai sadaukarwar ne, da kuma ko akwai kyakkyawan zaton zai yi amfani.

Matsayin mutum ma yana sauya lissafin. Shiga gidan da yake cin wuta jarumta ce ga mai wucewa, amma ga ma'aikacin kashe gobara da aka horar, aka ba shi kayan aiki, ake biyan sa albashi, wani ɓangare na haɗarin yana cikin alƙawarin da ya ɗauka. Wannan ne ya sa rikita iyakar yake da tsada a zaman jama'a, kuma ana rikita ta ta fuska biyu. Akwai shugaban da yake gina rijiyar burtsatse da kuɗin jama'a, ya sa a rubuta sunansa a jikin tanki, a tara mutane su yi masa godiya kamar daga aljihunsa ya cire, ko attajirin da bai fitar da zakka yadda take ba amma yana raba buhunan shinkafa a gaban kyamara da azumi. Waɗannan sun ɗauki bashi sun sa masa rigar kyauta, kuma wanda ya karɓi haƙƙinsa a matsayin alfarma ba zai iya tuhuma ba ranar da aka hana shi. Akwai kuma akasin haka, inda ake ɗaukar sadaukarwa a mayar da ita farilla a kan marar ƙarfi: ma'aikaciyar jinya da ake so ta kula da mai cuta mai yaɗuwa ba safar hannu ba takunkumi, ko malamin firamare da ake bin sa da wa'azin haƙuri bayan watanni ba albashi. In suka tsaya, sun yi abin da ya zarce wajibinsu, kuma sun cancanci a faɗa. In suka ƙi, tuhumar tana kan wanda aikinsa ne ya sayo safar hannun ya kuma biya albashin.